Kuɗin hutun haihuwa: daga aljihun mai makaranta ko daga asusun kowa?

Tambaya: Ina da makarantar kuɗi a Kano, ma'aikatana 40, 30 daga ciki mata. Bara malamai biyar suka haihu, ni na biya su albashin wata uku-uku, na kuma biya waɗanda suka riƙe musu aji. Ƙanwata da ke aiki a Maraɗi ta ce su can asusun gwamnati ne ke biya. Mene ne bambancin, wanne ya fi, kuma ina matsayin hutun maza a ciki?

Amsa:

Hajiya, bari mu fara da littafinki na albashi, don a nan maganar take. Ban san abin da kike biya ba, sai mu ɗauka kowane ma'aikaci naira 100,000 yake karɓa a wata, don lissafi ya zo da sauƙi. Ke nan albashin makarantarki naira miliyan 4 ne a wata, miliyan 48 a shekara. Malama ɗaya ta tafi wata uku da cikakken albashi, naira 300,000 ke nan. Biyar, miliyan ɗaya da rabi. Idan kin auna wannan da albashin shekara, ya ɗan haura kashi 3 cikin ɗari, kuma ba mu sa kuɗin masu riƙon aji ba tukuna.

Yanzu ki dubi wani maƙwabcinki mai kamfanin motocin dakon kaya. Shi ma ma'aikatansa 40, albashinsu daidai da na naki, sai dai 38 maza ne, mata biyu kacal, ɗaya a ofis ɗaya mai shara. In an haihu a wurinsa sau ɗaya a shekara uku, abin da ya kashe bai wuce naira 100,000 a shekara ba, kusan kashi 0.2 cikin ɗari. Ke kin biya ninki 15 na abin da ya biya. Abin dariyar kuma, ba mamaki matan direbobinsa ne ke koyarwa a makarantarki. 'Ya'yan ma'aikatansa aka haifa, ke kika ɗauki nauyin jegon.

To bambancin ke nan. A tsarin da mai aiki ke biya kai tsaye, nauyin yana faɗawa kan wanda ya ɗauki mace aiki, a daidai lokacin da ta haihu, ko yana da kuɗi a watan ko ba shi da su. A tsarin inshorar ma'aikata, kowane mai aiki yana zuba ɗan kaso na jimillar albashin da yake biya, na maza da na mata gaba ɗaya, kowane wata, cikin asusu guda. Idan mace ta haihu, asusun ne ke biyanta. Jimillar kuɗin da ƙasa ke kashewa a kan hutun haihuwa kusan ɗaya ce a tsarin biyu. Abin da ya canza shi ne wa ya ɗauka, kuma yaushe.

Dokarmu ta Najeriya tana kan tsarin farko. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago, wadda asalinta tun 1974 ne, ya ba mace mako shida kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, ya kuma hana a sa ta aiki cikin mako shida bayan haihuwa. Mako shidan nan kwana 42 ne, ya zo daidai da arba'in ɗinmu har da rarar kwana biyu. Idan ta yi wata shida cur tana aiki a wurin kafin ta tafi, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta. Sashen ya ba ta rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa, ya hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun, ya kuma ce kuɗin asibiti ba ya kan mai aiki. Babu wani asusu da ke mayar miki da ko kwabo. Kashi ɗaya cikin ɗari da ake biya wa hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF a ƙarƙashin dokar 2010 na raunin aiki ne da cutar da aiki ya jawo, haihuwa ba ta ciki. Ke da kike biyan cikakken albashi kin wuce abin da doka ta tilasta, Allah ya saka.

Ƙanwarki ta faɗi gaskiya, amma ba duka ba. A Nijar dokar aiki ta 2012 ta ba mace mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa. Asusun inshorar ma'aikatansu na CNSS yana biyan rabin albashinta. Idan ta cika shekara biyu a wurin aikin, mai aiki ya cike ɗaya rabin. Mai albashin jaka 100 ta sefa a wata za ta karɓi jaka 50 daga asusu, jaka 50 daga wurin aikinta. Ke nan tsarinsu gauraye ne, mai makaranta a Maraɗi ma yana biya, rabin nauyin ne aka sauke masa. Kamaru ce ta tafi gaba ɗaya, mako 14 da cikakken albashi daga asusunsu na CNPS. Gana kuwa irin tamu ce, mako 12, mai aiki ke biya, su ma cikakken albashi dokarsu ta ce. Idan kin lura, ƙasashen da Faransa ta raina sun gaji asusun tallafin iyali tun kafin 'yancin kai, mu da Ingila ta raina muka gaji ɗora wa mai aiki.

Wannan muhawara ba sabuwa ba ce. Tun 1919, shekarar da aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, yarjejeniyarta ta uku ta ce kuɗin mai jego ya fito daga baitulmali ko daga inshora. Ta 1952, mai lamba 103, ta fito ƙarara ta ce ko ta yaya kada a ɗora wa mai aiki shi kaɗai. Ta shekarar 2000, mai lamba 183, ita ce ma'aunin yau: aƙalla mako 14, kuɗin kada ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi, kuma ya fito daga inshorar dole ko daga kuɗin gwamnati, sai dai ta bar 'yar ƙofa ga ƙasar da tun da can dokarta ta ɗora wa masu aiki, ko wadda gwamnati da ƙungiyoyin ma'aikata da na masu aiki suka amince a kan haka. Nijar ta amince da ita a 2019. Dokarmu ta gaza ta ta fuska uku: mako 12 maimakon 14, rabi maimakon biyu bisa uku, sannan aljihun mai aiki maimakon asusu.

Kada ki ɗauka tausayin masu kamfani ne ya sa aka rubuta haka. Matan ake karewa. Na yi shekaru ina duba littattafan albashi da takardun ɗaukar ma'aikata, kuma abin da tsarinmu ke haifarwa ba a rubuta shi a takarda, a ɗakin ganawa ake ganinsa. Na taɓa zama a wata ganawar ɗaukar akawu a wani kamfani. Yarinyar da ta fi kowa cin jarrabawa ta shigo, da lallenta na amarci bai gama gogewa ba. Manajan ya yi mata barka, ya tambaye ta yaushe aka yi bikin, ta ce wata biyu ke nan. Ya yi murmushi ya ce Allah ya ba da zuri'a ɗayyiba. Tana fita ya juya takardarta ya kife, ya ce mana: wannan kafin shekara ta zagayo za mu biya albashi biyu a kujera ɗaya. Namijin da ya zo na uku aka ɗauka. Manajan nan ba mugu ba ne, har kuɗin mota ya ba ta. Lissafi ya yi, kuma doka ce ta tsara masa lissafin.

Ana gane wurin aikin da wannan cuta ta kama. Za ki ga matan duk 'yan kwantiragin wata shida ne ko ƙasa da haka, ana sabuntawa da 'yar tazara a tsakani don kada a ce sun yi wata shida a jere. Za ki ga ma'aikaciya tana ɓoye ciki cikin zumbuleliyar hijabi har wata na bakwai, ba ta zuwa awo ranar aiki don kada a gane. Za ki ga an dawo aiki kafin a yi arba'in, ana bin bango, saboda rabin albashi ba ya riƙe gida. Sannan akwai wanda ba a gani da ido: mai aikin da ya san zai biya hutu sau uku ko huɗu a tsawon zaman mace a wurinsa yakan rage mata albashin farawa, ko ya ja mata ƙarin girma. Daga ƙarshe ita ce ta biya wa kanta hutun, kaɗan-kaɗan.

Indiya ta gwada ƙara tsawo ba tare da canza mai biya ba. A 2017 ta ɗaga hutun daga mako 12 zuwa 26 ga haihuwa biyu na farko. Masu ƙaramin albashi da ke cikin inshorar ma'aikata ta gwamnati asusu ke biyansu, sauran kuwa mai aiki ne ke biyan rabin shekara da cikakken albashi. Babban kamfani ya iya ɗauka. Mai ma'aikata 15 fa? Shi ya sa idan na ji ana kiran a mayar da hutun haihuwa wata shida a kamfanoni masu zaman kansu a Najeriya, sai in tambaya wa zai biya. Legas ta ba ma'aikatanta wata shida a 2014, Kaduna a 2019, kuma abu ne mai kyau, amma gwamnati mai aiki ce mai dubban ma'aikata da baitulmali a bayanta, ita da kanta tamkar asusu ce. A ce ke ki yi haka, miliyan ɗaya da rabin nan ya zama miliyan uku, shekara mai zuwa kuma ki fara neman malamai maza.

Ƙasar da na fi son a duba ita ce Jodan, don daga irin tsarinmu ta tashi. A da dokar aikinsu ta ɗora wa mai aiki mako goma da cikakken albashi, kuma matan da ke aikin albashi a ƙasar ba su da yawa duk da iliminsu. A 2011 hukumar inshorar ma'aikatansu ta fara reshen haihuwa. Mai aiki ke zuba kashi 0.75 cikin ɗari na albashin kowane ma'aikaci, mace ko namiji, ma'aikaci ba a cire masa komai. Macen da aka zuba mata na wata shida kafin haihuwa, hukumar ce ke biyanta kwana 70 ɗin. Tsawon hutun bai canza ba a lokacin, mai biya kawai aka canza. Kuɗin ma sai ya yi rara, har daga baya aka ware wani kaso ana taimaka wa iyaye mata da kuɗin gidan raino idan sun koma aiki.

Ruwanda ta bi wata hanya a 2016. Can kashi 0.6 ake zubawa, mai aiki 0.3, ma'aikaci 0.3. Aka bar wa mai aiki mako shida na farko, asusu ya ɗauki shidan baya. Kafin nan, macen da ta wuce mako shida kashi 20 na albashinta kawai take samu, don haka da yawa suna komawa aiki da ɗanyen jego.

Kina iya cewa ta yaya ƙasa da kashi ɗaya zai isa, alhali ni kashi uku na kashe? Ga yadda masu lissafin inshora ke fitar da kason. Abu huɗu ake ninkawa: kason albashin mata a cikin jimillar albashin ƙasa, da yawan waɗanda ke haihuwa a cikinsu a shekara, da tsawon hutun idan an raba da mako 52, da kason albashin da za a biya. Mu ƙaddara, don misali kawai, mata ke karɓar kashi 30 na dukan albashin da ke cikin tsarin, ɗaya cikin goma ke haihuwa a shekara, hutu mako 14, albashi cikakke:

0.30 × 0.10 × 14/52 × 1 = 0.0081

Kashi 0.8 cikin ɗari ke nan. A sa kuɗin gudanarwa da ɗan ajiya, ya kusa ɗaya. A wuri irin namu da ake haihuwa da yawa, in aka ce 15 cikin ɗari ke haihuwa, zai kai kashi 1.2. Sirrin shi ne albashin mazan nan, kashi 70, shi ma ana zuba masa. Da a ce kashi ɗaya ake karɓa, ke za ki zuba naira 480,000 a shekara, mai motocin ma 480,000. Bara da asusu ya biya malamanki miliyan ɗaya da rabi, albashinsu da ya rage a hannunki kuma ki biya masu riƙon aji da shi. Shekarar da ba wanda ya haihu a wurinki, 480,000 ɗin dai za ki zuba, ba a mayar miki. Ba adashi ba ne da kowa ke jiran ranar ɗaukarsa, ya fi kama da gayya.

Nan ne wurin da ake ɓata tsarin idan ba a kula ba. Mai motoci zai ce me ya haɗa ni da haihuwa, a karɓa a wurin masu ɗaukar mata. Da zarar an yarda a lissafa kason a kan albashin mata kaɗai, an koma gidan jiya, mace ta sake fin namiji tsada. Shawarar da ta raka yarjejeniyar 2000, mai lamba 191, ta faɗi wannan a fili: a biya a kan jimillar ma'aikata maza da mata ba tare da bambanci ba. Masu tambaya ko inshora ta halatta kuwa, wannan fagen malamai ne ba nawa ba, amma da yawansu suna bambanta inshorar kasuwanci da ake neman riba da ita da irin wannan asusun taimakekeniya.

Zan yi miki ƙarya idan na ce asusu ba shi da nasa ciwon. Na farko jinkiri. Mai aiki, duk maƙonsa, yana nan kusa, ana iya tsare shi a ofis. Asusu kuwa takardu yake so: shaidar likita, takardar mai aiki cewa ta daina zuwa aiki daga rana kaza, takardar albashin ƙarshe, takardar haihuwar jariri. Ɗaya ta ɓata, fayil ya kwanta. Kuɗin da ya zo bayan yaro ya fara zama ba kuɗin jego ba ne. Maganin da wasu ƙasashe suka samo shi ne mai aiki ya ci gaba da biyan albashi a kan kari, shi ya nemi asusu ya mayar masa. Haka Ruwanda ta tsara. A Birtaniya ma mai aiki ke biya, sai ya cire kashi 92 na abin da ya biya daga kuɗin da zai miƙa wa hukumar haraji, ƙananan masu aiki kuma ana mayar musu har da ɗan ƙari. Wannan ya fi wa mace, amma ga irinki yana nufin ke za ki fara fitar da kuɗin. Cirewa daga abin da ake binki ya fi a ce ki je ki bi layi neman a mayar miki.

Na biyu, mai aikin da ba ya zuba kason. Mun ga wannan a fansho, ana cire kashi takwas a albashin mutum ba a kai ba. Mace ta zo da cikin wata tara a ce mata ba a ga sunanta ba. Doka mai kyau tana cewa a biya ta, hukuma ta bi mai aikin bashi da tara. Dokar da ta ce sai mai aiki ya biya bashinsa kafin a ba ta, ta hukunta wadda ba ta yi laifi ba.

Na uku, sharaɗin wata shida. Dole a sa shi, in ba haka ba kowane mai shago zai rubuta matarsa ma'aikaciya da albashin naira 500,000 ana saura wata biyu ta haihu. Don haka ne ma ake lissafa kuɗin a kan matsakaicin albashin watannin baya, a kuma sa iyakar da ba a wucewa. Amma idan sharaɗin ya ce wata shida a wurin mai aiki ɗaya, macen da ta canza aiki da ƙaramin ciki ta faɗi a tsakani. Ya fi kyau a ƙirga watannin da aka zuba mata ko a ina take. Iyakar sama kuma tana nufin babbar ma'aikaciya ba za ta sami cikakken albashinta ba, sai wurin aikin ya cike mata idan yarjejeniyarsu ta ce haka.

Na huɗu shi ne babba, kuma tsarin biyu duk sun gaza a nan. Mai tuyar ƙosai, da mai kitso, da mai ɗinki a cikin gida, da 'yar aikin gida, ba su da mai aikin da zai biya, ba su cikin asusu. Su ne mafi yawan mata masu neman na kansu a Kano da Maraɗi. Bambancin kawai, asusu yana da ƙofar da za a iya faɗaɗawa, kamar yadda Afirka ta Kudu ta shigar da masu aikin gida cikin asusunta a 2003. Tsarin mai aiki ba shi da wannan ƙofar ko kaɗan.

Sai maganar maza. Dokar Ƙwadago ba ta ce komai a kan hutun uba ba, don haka ba wanda ya tilasta miki. Gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta da kwana 14 a 2021, ta ce ba fiye da sau ɗaya a shekara biyu ba, kuma iyaka 'ya'ya huɗu. Kin san dalilin wannan iyaka ba sai na faɗa ba, mai mata uku zai iya yin suna sau biyu a shekara. Legas kwana goma take bayarwa. A ƙasashe da dama da asusu ke biyan uwa, hutun uba na 'yan kwanaki ne kuma mai aiki ke biya. Jodan ɗin ma kwana uku ne daga aljihun mai aiki. Idan kwana uku ne ko biyar, ni ban ga aibin haka ba, kuɗin cike takardu da bin fayil zai kusa cinye abin da ake nema. Da ma a wurinmu ba mai aikin da zai hana mutum ranar haihuwa da ranar suna.

Idan aka wuce mako biyu magana ta canza. Mu sake lissafin ɗazu: maza ke da kashi 70 na albashi, mu ce 12 cikin ɗari ake yi wa haihuwa a shekara, hutu mako biyu. Zai ba da kusan kashi 0.3. Wato mako biyu na maza ya kai fiye da sulusin kuɗin mako 14 na mata, saboda yawansu da girman albashinsu. A nan mai motoci ne zai ji a jikinsa, kuma a nan ne yake samun dalilin shiga asusun da kansa, don yanzu direbobinsa ma suna ci. A siyasance wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan namiji ba ya ɗaukar hutun da zai rage masa albashi, kuma yana jin nauyin tambayar maigidan da ya san daga aljihunsa kuɗin zai fita. Sifaniya ta kai hutun uba mako 16 a 2021, daidai da na uwa, cikakken albashi daga asusu, kuma ba a iya miƙa wa matar. Manufar ita ce manajan da ke ganawa ya san saurayin da ke gabansa ma zai tafi hutu, kife takardar amarya ba ta da amfani. Ba na cewa Kano ta shirya wa mako 16. Amma kwana goma da asusu ya biya, wanda ya haɗa kwanan asibiti da suna, ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne.

Ra'ayina, asusu ya fi, da sharaɗin a karɓa a kan albashin kowa, mace ta ga kuɗinta a ranar da ta saba ganin albashi, kuma laifin mai aiki kada ya hau kanta. Masu kamfani za su ce kaso ya yi yawa, ga goma na fansho, ga ɗaya na NSITF, ga ɗaya na asusun horar da ma'aikata. Ƙorafinsu yana da tushe, amma masu makarantu da asibitoci da ke cike da mata suna biyan fiye da haka tun tuni, ba a dai rubuta shi da sunan kaso ba.

Kafin wannan rana ta zo, ki yi wa kanki ƙaramin asusu. Ki ɗauko rajistar shekara biyar ki ƙirga haihuwa nawa aka yi, ki fitar da matsakaici. Mu ce huɗu a shekara. Kowace ɗaya albashi 300,000, mai riƙon aji a kan 80,000 a wata 240,000, jimilla 540,000. Sau huɗu, naira miliyan 2.16 a shekara, wato 180,000 a wata. Ki buɗe asusun banki daban ki riƙa zuba wannan ranar biyan albashi, ko an haihu ko ba a haihu ba, kada ki taɓa shi don gyaran rufi. Idan ɗalibanki 400 ne, zango uku, naira 1,800 ne a kan kowane yaro a zango, ki sa shi cikin lissafin kuɗin makaranta tun farko. Raunin wannan dabara shi ne ke kaɗai ce a ciki, shekarar da takwas suka haihu asusun zai ƙafe. Idan ƙungiyarku ta masu makarantu za ta haɗa makarantu 20 ko 30 a asusu ɗaya, da ƙa'ida a rubuce da mai binciken kuɗi, hawa da saukar za su ragu sosai.

Ki kuma rubuta ƙa'idar hutun a takardar ɗaukar aiki: mako nawa, kaso nawa, bayan wata nawa ake cancanta, da cewa ajinta ko makamancinsa na jiranta. Wannan yana da muhimmanci musamman a makaranta, domin ma'anar ma'aikaci a Dokar Ƙwadago ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa, don haka ana iya jayayya ko sashe na 54 ya shafi malama mai digiri, kuma idan an je Kotun Ma'aikata takardar nan za a fara dubawa. Kada ki haɗa hutun haihuwa da hutun ƙarshen zango ki ce ta riga ta ci, sai in haka aka rubuta tun farko kuma ta sa hannu. Ki roƙi malamai su sanar da ke tun cikin yana wata huɗu ko biyar, ki kuma nuna musu a aikace cewa wadda ta faɗa da wuri ba ta rasa komai. Da wata huɗu a hannunki za ki sami mai riƙon aji, su yi mako biyu tare a ajin kafin mai cikin ta tafi.